Jimla ɗaya da sakan 120: yadda ake tsara gajeren katun kashi uku

"Assalamu alaikum Malam. Ina koyon zanen katun a waya, kuma ina so in yi fim ɗina na farko, na minti 2. Jimla ɗaya tak gare ni: an aiki yaro ya sayo ƙanƙara da azumi, tana ta narkewa a hanya. An ce in tsara shi kashi uku kafin in fara zane, amma duk sanda na zauna sai in rasa ta inda zan kama."

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka yi sa'ar jimla, domin tana ɗauke da abin da masu katun da yawa suke shan wahalar nema, wato agogon da ido ke gani. Ƙanƙara tana raguwa, mai kallo yana ganin raguwarta, ba sai wani ya buɗe baki ya ce lokaci yana ƙurewa ba. Abin da ba ta da shi kuwa shi ne ƙarshe, kuma rashinsa ne ya ɗaure maka hannu. Kana neman farko da tsakiya alhali ba ka san inda za su kai ka ba. To ajiye maganar kashi uku tukuna, mu fara gyara jimlar kanta.

"An aiki yaro." Wa ya aike shi? In ba a ga mai jira ba, narkewar ƙanƙara ba ta dami kowa ba, ruwa ne kawai yake zuba a ƙasa. Ni da kaka zan sa. Tsohuwa a kan tabarma da mafici a hannu, leɓe a bushe, kallo ɗaya ya isa a tausaya mata, ba sai an yi bayani ba. Akwai kuma ribar aiki: mutumin da yake zaune ba ya cin zane. Ka zana jikinta sau ɗaya, hannu da mafici kaɗai ne za su riƙa motsi. Tun daga nan ya kamata ka saba da wannan tunani, domin a katun kowace shawara ta labari shawara ce ta yawan zanen da zai hau kanka.

Yanzu ka tambayi kanka, me yaron yake so? Yana so ya kai ƙanƙara gida. Kaka fa, me take buƙata? Ruwan sanyi na buɗa baki. Da ji kamar abu ɗaya ne, amma ba ɗaya ba ne, kuma fim ɗinka gaba ɗaya yana zaune ne a ɗan tsakanin nan. Yaro yana faɗa da narkewa, yana ganin kowane ɗigo asara ne, alhali ɗigon nan shi ne ainihin abin da aka aike shi nema. Ranar da ya gane haka, labari ya juya. Sai jimlar ta koma kamar haka: yaro mai gaggawa yana tsere da rana don ya kai wa kakarsa ƙanƙara kafin magariba, gudun nasa yana ta cinye ta, har sai da ya gane ruwanta ake so, dole ya tako a hankali.

Ka ga yanzu akwai ƙarshe a ciki. Bari in gaya maka dalilin da ya sa na ƙi sauran ƙarshen da za su fara faɗo maka a rai. In ya isa gida da ƙanƙara lafiya lau, to babu abin da ya faru, aike ne aka yi aka dawo. In ta narke ƙaf ya shigo yana kuka, mai kallo ya san haka tun sakan na 10, ba ka ba shi komai ba. In kuwa maƙwabciya ce ta leƙo da wata ƙanƙarar, ko aka kawo wuta firji ya tashi, to wannan shi ne mafi muni, domin ka sa mun bi yaro minti ɗaya da rabi sannan ka ƙwace masa labarinsa ka miƙa wa wani. Ƙarshen da yake gamsarwa daga hannun mai labarin yake fitowa, kuma da wani abu da muka riga muka gani.

Wannan "abin da muka riga muka gani" shi ne aikinka na gaba. In yaro zai tara ruwa a ƙarshe, yana buƙatar mazubi, kuma ba zai tsince shi a bakin hanya ba. Saboda haka tun a farko Kaka za ta miƙa masa kuɗi tare da kwanon shanta. Shi kuma, don rawar kai, sai ya kifa kwanon a ka ya mai da shi hular kare rana, ya karɓi ƙanƙara a leda kamar yadda kowa yake yi. Mai kallo zai yi dariya, ya ɗauka wasa ne, ya manta. Kwanon yana nan a kansa a kowane hoto har tsawon minti ɗaya, a gaban idon kowa, ba wanda ya kula. Ka lura da yadda muka yi: daga ƙarshe muka tako baya muka gano abin da farko yake buƙata. Haka ake tsara gajeren fim.

Sai lissafin lokaci. Rabon da aka fi sani shi ne wanda Ba'amurken nan Syd Field ya yaɗa a littafinsa na 1979 kan rubutun fim: kwata na farko shimfiɗa, rabi na tsakiya gwagwarmaya, kwata na ƙarshe warwarewa. In ka ɗora shi a kan sakan 120 zai ba ka 30, 60, 30. Amma shi dogon fim yake magana a kai, inda mutum ya biya kuɗi ya zauna, ba inda zai je. Naka a waya za a kalla, yatsa yana kan gilashi, kuma sakan 30 na shimfiɗa ya yi yawa. Sannan ba 120 gare ka ba. Cire sakan 8 na sunan fim da sunayen waɗanda suka yi aiki, saura 112. Ni zan raba su haka: 22 ga kashi na ɗaya, 58 ga na biyu, 32 ga na uku. Na ƙara wa na ƙarshe ne saboda a nan yaro yake tafiya a hankali, kuma jinkiri ba ya nunuwa sai an ba shi fili.

Kada ka ɗauki waɗannan lambobi a matsayin su ne kashi ukun. Abin da yake raba kashi da kashi shi ne canjin abin da yaro yake yi. A na ɗaya yana karɓar aike. A na biyu yana gudu. A na uku yana lallaɓawa. In ba ka iya faɗin aikin kowane kashi da kalma ɗaya irin wannan ba, to tsarin bai nuna ba tukuna, ko da lissafin sakan ɗinka ya fita daidai.

Kashi na ɗaya ba ya son dogon zance. Hoton farko, sakan 5: tsakar gida, rana ta ƙwalle, Kaka tana fifita, ta leƙa randa ta taɓa ruwan ta yamutsa fuska. Sakan 6 na gaba ta yafito yaro, ta ba shi kuɗi da kwano, ta nuna masa rana da baki, ya kifa kwano a ka ya fita a guje. Kada ka zana tafiyarsa zuwa wurin mai ƙanƙara, yanke kawai, ga shi a gaban kula. Sakan 7: mai ƙanƙara ya buɗe, guda ɗaya ta rage, ya saka a leda ya miƙa. Cewa ita ce ta ƙarshe yana da muhimmanci, domin ya toshe tambayar da mai kallo zai yi daga baya, wato me ya hana shi komawa ya sayo wata. Sakan 4 na ƙarshe kamara ta matso kusa da gindin leda: ɗigo ɗaya ya taru, ya faɗi a kan yashi, ya ƙafe nan take. Yaro ya kalli ƙasa, ya kalli rana. Nan kashi na ɗaya ya ƙare, a sakan na 22.

Abin da yake kashe masu farawa a nan shi ne tashi daga barci. Za ka ga an buɗe fim da zakara yana cara, yaro yana miƙa, yana wanke fuska, yana gaida mutanen gida, sakan 40 sun tafi ba a san me ake ciki ba. Duk abin da ya faru kafin Kaka ta ji ƙishi ba na wannan fim ba ne.

Kashi na biyu shi ne inda aikin yake, kuma nan zan daɗe. Kuskuren da aka fi yi shi ne jera cikas iri ɗaya: ya haɗu da akuya, ya haɗu da kare, ya haɗu da mai babur, ya haɗu da kwata. Abubuwa huɗu ne a ido, amma a labari abu ɗaya ne aka maimaita sau huɗu, kuma kana iya sauya musu jeri ba abin da zai lalace. Wannan ita ce alamar ciwon. In za ka iya ɗauke wani sashe daga tsakiya ka mai da shi farko labari bai ji a jikinsa ba, to sassan ba su haifi juna ba. Abin da ake so shi ne kowace dabara da yaro ya yi ta zama sanadin matsala ta gaba, kuma ta fi ta baya tsanani.

Ga yadda zan ɗaure su. Daga sakan na 22 zuwa na 36, ya ga ɗigo, saboda haka ya zura da gudu. Gudu ya sa leda tana lilo, ta karci bakin wani kwanon rufi da aka jingine, ta huje, ɗigo ya zama tsiyaya. Daga 36 zuwa 52, saboda tsiyayar ta tsorata shi, sai ya bar babbar hanya ya yanke ta lungu. Amma layin ruwan da yake bari a baya ya jawo wata akuya mai jin ƙishi, tana lasa tana bin sa, tana ƙara sauri. Ka ga akuyar ba daga sama ta faɗo ba, hujin ledar ne ya kira ta, hujin kuma gudunsa ne ya jawo shi. A wajen sakan na 52, tsakiyar fim ke nan, ya yi tsalle zai ƙetare kwata don ya tsere mata, leda ta bugi kusurwar katanga ta yage, ƙanƙara ta rabe biyu a sama. Rabi ya faɗi, akuya ta samu nata ta tsaya. Rabi ya cafe da hannu.

Ka kula da wannan: rabin da ya tsira bai taɓa ƙasa ba. In ka bar ta ta gangara cikin ƙura don a yi dariya, to a ƙarshe da Kaka ta kai kwano baki, rabin masu kallo tunanin dattin za su yi, ba tausayi ba. Irin wannan ƙaramin abu a takarda ake kama shi, kafin ka ɓata mako guda kana zana shi.

Tsakiyar nan tana da aiki na musamman, wato canza irin matsalar. Kafin ta, abokan gabarsa na waje ne, rana da akuya. Bayanta, hannunsa ne. Daga 52 zuwa 68 yana gudu da ƙanƙara tsirara, sanyi yana cizon tafinsa, yana jefa ta daga dama zuwa hagu, ya ɗora a wuya, ya tura cikin riga ya yi tsalle. Nan ne wurin dariya mafi yawa a fim ɗin, kuma nan ne katun ya fi fim na mutane, domin kana iya mai da yatsunsa shuɗi, ka sa haƙoransa su yi kaɗawar da ba ta yiwuwa. Amma ƙarƙashin dariyar, ɗumin jikinsa yana cinye ta fiye da yadda rana ta yi. Duk hoton da aka dawo kanta, ta ragu. Ka zana girmanta mataki biyar a gefen takarda tun yanzu, ka rubuta sakan ɗin da kowane mataki zai fara, in ba haka ba za ka tarar ta ƙara girma a wani hoton ba ka sani ba.

Daga 68 zuwa 80 sai faɗuwa. Ƙanƙara ta suɓuce, ta yi sama, hannuwansa sun sandare ba za su iya cafewa ba, sai ya fizgo kwanon da ke kansa ya tara. Ƙwal! Ta faɗa ciki. Ya duba, saura ɗan dunƙule. Ya zauna a gindin katanga, ya sunkuyar da kai, ya haƙura. Ka bar shi a nan sakan 4 ko 5 ba motsi sai numfashi. Masu farawa suna tsoron shiru, suna ganin kamar fim ya tsaya, amma in ba a ga ya karaya ba, tashinsa ba zai yi nauyi ba. Kuma shirun nan kyauta ne gare ka, zane biyu ko uku sun riƙe shi.

Kashi na uku yana farawa ne da abin da ya gani, ba da abin da aka gaya masa ba. Raɓa ta feso a bayan kwano. Ya taɓa da yatsa, ya leƙa: ruwa ya taru, ɗan dunƙulen yana yawo a ciki. A nan za ka iya dawo da hoton Kaka tana taɓa ruwan randa na sakan ɗaya, in kana tsoron ba za a gane ba, kodayake ni zan fara gwadawa ba tare da shi ba. Ya miƙe zai ruga kamar yadda ya saba, ruwa ya fantsala ya zube kaɗan, ya tsaya cak. Wannan taku ɗaya da ya fasa shi ne zuciyar fim ɗin, domin a nan muke ganin ya zaɓa. In ka cire shi, zai zama kamar gajiya ce ta sa shi tafiya a hankali. Duk wannan daga 80 zuwa 90.

Agogo ma ya canza hannu. Ƙanƙara ta gama nata aikin, yanzu rana ce take faɗuwa, sama ta yi ja, inuwa ta yi tsawo. Daga 90 zuwa 102 yana takawa, hannu biyu a kan kwano, sai ga akuyar nan ta sake tare hanya. A da guduwa ya yi. Yanzu ya tsaya, ya ɗaga kwano sama da kansa, ya ƙi motsi har ta shinshina ƙafarsa ta gaji ta wuce. Cikas ɗin bai canza ba, yaron ne ya canza, kuma ba ka zana sabuwar dabba ba. Sakan 10 na ƙarshe: ya shigo zaure daidai da kiran salla, Kaka ta karɓa ta sha, ta lumshe ido, ta tsamo ɗan guntun da ya rage ta ɗora masa a goshi. Yanke. Na san hannunka zai yi ƙaiƙayin rubuta "sauri ya haifi nawa" a kan allo. Kada ka yi. Duk Bahaushen da ya kalla zai faɗe ta da bakinsa, kuma ta fi daɗi in shi ya faɗa.

Yanzu auna tsarin da ƙarfinka. Fim yana tafiya da hoto 24 a kowane sakan, amma a zanen hannu an saba barin kowane zane ya zauna hoto biyu, wato zane 12 a sakan. Sakan 112 sau 12 ya ba ka zane 1,344 in komai yana motsi koyaushe. Tsarin da muka yi ya rage maka wannan sosai. Gudun yaro zagaye ɗaya ne na zane kamar 8 da za ka riƙa maimaitawa, kana jan hoton katanga a bayansa. Wurare uku ne kacal, tsakar gida da wurin mai ƙanƙara da lungu, kuma lungun dogon zane ɗaya ne da za ka canza masa launi in yamma ta yi. Masu rai huɗu ne, biyu daga cikinsu ba sa tashi daga inda suke. Babu magana ko ɗaya, saboda haka ba ka da wahalar daidaita leɓe da murya, kuma wanda ba ya jin Hausa ma zai bi labarin. In tsarinka ya fito da wurare bakwai da taron kasuwa, to komawa takarda ya fi sauƙi a kan watanni na zane.

Kafin ka zana komai da kyau, ka yi abin da ake kira animatik. Ka yi zanen gaggawa, da'ira da sanduna ma sun isa, ɗaya ko biyu ga kowane hoto na labarin irin waɗanda muka lissafa a sama, hotunan za su kai 30 zuwa 35 in kowanne yana ɗaukar sakan 3 zuwa 4. Ka jera su a manhajar haɗa bidiyo irin CapCut ko cikin manhajar zane irin FlipaClip, ka ba kowanne tsawon da muka rubuta, ka sa sautin ɗigo da takun gudu da bakinka. Sannan ka nuna wa wanda bai taɓa jin labarin ba, kai kuma ka yi shiru. Tsayar a sakan na 22 ka tambaye shi me yaron yake so, me zai hana shi. In ya yi inda-inda, kashi na ɗaya ne bai fita ba, kuma galibi hoton ɗigon ne ya yi gajarta ko kamara ta yi nisa. Tsayar kuma a sakan na 66, kafin a tara kwano, ka ce masa me yake ganin zai faru. In ya ce zai sa a kwano, to ka nuna kwanon da yawa a farko, ka rage masa lokaci. In kuma bayan an tara ya ce "daga ina kwano ya fito?", to ka ɓoye shi fiye da kima, sai ka sa ya zame masa a ka sau ɗaya lokacin gudu ya gyara.

Kusan tabbas animatik ɗin farko zai wuce minti 2, domin a takarda tsalle kalma ɗaya ce, a allo kuwa sai an yi shiri, an tashi, an sauka. In ya kai sakan 135, kada ka bi kowane hoto kana gutsurar rabin sakan, fim ɗin zai zama kamar ana korar sa. Cire abu guda cur. Na farko da zan sadaukar shi ne tura ƙanƙara cikin riga, domin dariya ce kawai, ba ta haifi komai ba. Na biyu shi ne karcewar leda: kana iya sa mai ƙanƙara ya ba shi ita da hujinta tun farko, kodayake ka yi asarar nuna cewa gudunsa ne ya jawo. Zaman gindin katanga da takun da ya fasa kuwa, ko sakan ɗaya kada ka taɓa musu, ka nemi ragin a kashi na biyu.